Waken Suna a Rana ta Biyu

A duk faɗin Unguwar Gawo, gindin darbejiyar bakin makaranta ne kaɗai inda waya ke kama sabis ba tare da an yi mata magiya ba. Nan Hashimu ya tsaya da hantsi, ya ɗaga wayarsa sama har saƙon muryar da ya naɗa ya wuce Kano, sannan ya sauke hannu yana murmushi shi kaɗai. Malamin firamare ne. A farkon daminar nan wani gidan rediyo ya ɗauke shi wakilin sa-kai na yankin Makoɗa, kuma jiya ne karon farko da aka sa muryarsa a labaran duniya, ba a shirin gaishe-gaishe ba.

Labarin kuwa ba na dariya ba ne. Shekaranjiya aka yi suna a gidan Malam Sama'ilu, aka ci shinkafa da wake da mai da yaji, kafin magariba mutane suka kama amai da jiri. Goma sha ɗaya aka kwantar a ƙaramin asibitin gari. Hashimu ya aika rahoto, a ƙarshensa ya ce wasu mazauna garin suna zargin abincin da wata mai girkin biki ta dafa. Bai kama suna ba. To amma mai girkin biki nawa ce a Unguwar Gawo? Ɗaya ce tal, Inna Kulu, ƙawar mahaifiyarsa, wadda da tuwon hannunta aka yi sunansa shi kansa.

Wayar ta yi ƙara. Hajiya Aina'u ce, editar labarai.

"Malam Hashimu, na saurari abin da ka turo."

"Madalla, ranki ya daɗe."

"Na ce na saurara, ban ce madalla ba. Wannan ai na jiya ne."

"A'a, Hajiya, yanzun nan na naɗe shi. Ko zakaran da ake ji a baya na yau ne."

"Zakaran kam sabo ne. Sauran fa? Inda ka ce ‘jiya’ ka mayar ‘shekaranjiya’, inda ka ce ‘sun kamu da amai’ ka mayar ‘amai ya kama su’. Wanda ya ji mu jiya, me zai ƙaru da shi yau?"

Hashimu ya sosa ƙeya. Wallahi shi a ganinsa ya yi ƙoƙari, don har kalmomi masu nauyi ya nemo.

"Ka koma cikin gari," in ji ta. "Wa aka sallama, wa aka ƙara kawowa, me hukuma ta yi, me aka gano da ba a sani ba jiya. Abin da ya faru tun bayan rahotonka nake so, shi za ka sa a gaba. Na jiya layi ɗaya ya ishe shi, don wanda bai ji ba. In babu sabo ka ce min babu, ba laifi ba ne, in sa wani labarin a na la'asar."

Ta kashe. Ya bi wayar da kallo. In labari gaskiya ne jiya, don me ba zai zama gaskiya yau ba? A aji, abin da ya koyar Litinin shi yake maimaitawa Talata, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya kawo sabon biyu da biyu.

Hanyar shiga gari ta ƙofar gidan Inna Kulu ta bi, ba yadda zai yi ya kauce. Manyan tukwanenta na kife a jikin katanga, an wanke su tas. Tana zaune a soro a kan tabarma, ba ta komai, abin da bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗan jarida."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa a bakin tabarmar.

"Inna, ni fa ban faɗi sunanki ba."

"Ba ka faɗa ba, Allah ya yi maka albarka. Masu bikin Juma'a ma ba su faɗi dalili ba, sun dai aiko a ce min in huta. Jikata ta kai tallan ƙosai da safe, ta dawo da shi ko ɗaya ba a taɓa ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Tun kafin a haife ka nake ɗora tukunya a garin nan, Hashimu. Yau ana cewa wai wani abu na zuba."

Kunya ta rufe shi har wuya. Ya ce mata in sha Allahu yau zai gyara. Da ya fita ya tambayi kansa yadda zai gyara. Abu ɗaya ya gane: in aka sake karanta na jiya da la'asar, sau biyu ke nan ya ɗaure ta. In kuma ya ce babu sabo, na jiyan ne zai zauna a kunnen mutane.

Ya nufi ƙofar gidan mai unguwa. Dattijon na kan buzu, ƙaramin rediyonsa a gefen gwiwa, mutane huɗu ko biyar na taya shi zama kafin su wuce noman gyaɗa. Bayan doguwar gaisuwa Hashimu ya kunna naɗar murya ya miƙa wayar.

"Ranka ya daɗe, mene ne halin da ake ciki game da abin da ya faru?"

Mai unguwa ya gyara murya, ya gyara zaman hula. "To, alhamdu lillahi. Mutum goma sha ɗaya ne aka kwantar, bayan sun kamu da amai da jiri. Kuma ana zargin abincin da wata mai girkin biki ta dafa."

"Tabbas," in ji na kusa da shi. "Goma sha ɗaya cif."

"Amai da jiri," in ji wani.

Hashimu ya ji wani sanyi a ransa, duk da maganar ba ta yi wa Inna Kulu daɗi ba. Ga shugaban gari da bakinsa. Jiya ba shi da muryar kowa sai tasa, yau ga ta mai unguwa, ai wannan sabo ne ko makaho ya shafa. Ya zaga wurin mai shayi, ya zaga bakin injin niƙa. Ko'ina magana ɗaya, har jerin kalmomin iri ɗaya, kamar yaran da suka haddace karatu a allo guda. Bai taɓa ganin mutanen Unguwar Gawo sun haɗu a kan magana ɗaya ba, mutanen da ko ganin wata sai sun yi gardama.

Da sauri ya koma gindin darbejiya ya kira.

"Hajiya, an samu! Mai unguwa ya tabbatar da komai. Mutum shida na tambaya, bakinsu ɗaya."

"To. Mai unguwar ya je asibitin ne?"

"E to... ban tambaye shi ba."

"Ina ya samu goma sha ɗayan?"

Hashimu ya buɗe baki, sai ƙaramin rediyon nan na gefen gwiwa ya faɗo masa a rai.

"Ina jin a rediyo ya ji."

"Wane ne ya faɗa a rediyon?"

Wata akuya ta zo ta tsaya tana kallonsa.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wato kai ka faɗa musu jiya, su suka faɗa maka yau, mu kuma mu sake faɗa musu da la'asar cewa an tabbatar. Gobe ka koma su ƙara tabbatar maka. Haba Malam Hashimu! Kai kake yi wa kanka shaida, ka ara bakin mai unguwa."

"To Hajiya, kowa ya ji rediyon. Wa zan tambaya?"

"Wanda ya gani da idonsa bayan ka gama magana jiya. Duk wanda ya gaya maka abu, ka ce masa, ya aka yi ka sani? Ka je asibitin."

"Ai na je jiya."

"Jiya ka je."

Ya tayar da babur kansa na juyawa. Ɗazu an ce ba shi da sabo. Ya samo murya shida, an ce duk tasa ce. Abin ma da ya fi ɗaure masa kai, da ya yi ƙoƙarin tuna su wane ne "wasu mazauna garin" da suka zargi mai girki jiya, mutum ɗaya kawai ya iya tunawa, wani mai faci da ya ce, "Ai sai a tambayi wadda ta dafa." Shi ke nan. Daga nan maganar ta yi ƙafa.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda, gero ya kewaye shi har jikin taga. Malama Sakinatu, wadda ke riƙe da wurin, tana wanke hannu a bakin randa, idanunta sun yi ja don rashin barci.

"Kai ne kuma? Ka zo ka ƙara mana jama'a? Jiya har daga Ɗambatta aka zo kallo."

"Ki yi haƙuri, Malama. Tambaya ɗaya ce. Goma sha ɗayan nan..."

"Wane goma sha ɗaya? Takwas sun tafi gida tun jiya da yamma. Saura shida."

Hashimu ya lissafa a yatsu, don shi malamin lissafi ne kuma abin bai shiga ba.

"Takwas daga sha ɗaya ai uku ne."

"Uku na da, uku sababbi. Daga Tudun Maƙera aka kawo su, gida ɗaya. Malam Kamilu mai makarantar allo, da matarsa, da 'yarsu. Alamun iri ɗaya, amai, jiri, miyau na zuba."

Sabo kam ya samu, amma irin wanda zai ƙarasa Inna Kulu. Don kowa ya san yadda ake yi, ranar suna ana zuba abinci a kwanuka a bi gidajen dangi da na malamai da shi. Lallai an kai musu, sun ajiye ya kwana.

"Sun ci abincin sunan ke nan," ya ce a sanyaye.

"Ni ma haka na zata. Shiga ka tambayi matar, ta farfaɗo. In ta yarda fa. Kuma kada ka kunna mata wannan abin sai ta ce to."

Matar, Halimatu Sadiya, na kishingiɗe, ƙarin ruwa a hannunta. Ya gaishe ta da jiki, ya faɗi ko shi wane ne. Ta ce ya tambaya, amma kada a sa muryarta, Malam ba zai so ba. Ya mayar da wayar aljihu.

"Baba, an kawo muku abincin sunan ne?"

"Ko loma. Ruwan da aka yi ya cika kwarin da ke tsakaninmu, yara ba su iya tsallakowa da kwano ba. Mu ma ba mu je ba, Malam ƙafa ta hana shi."

"To me kuka ci?"

"Wake da shinkafa. Ni na dafa jiya da yamma."

Kai! Ba su je suna ba, ba a kai musu ba, amma sun ci wake da shinkafa, kuma ciwon suna ya kama su. Ya tuna abin da aka ce ya riƙa tambaya, sai ya ga bai dace da nan ba, don ba a tambayar mace yadda aka yi ta san ta yi girki. Ya lalubo wata.

"Waken, a ina kuka saya?"

"Ba saye ba ne. Sama'ilu ai ɗalibin Malam ne tun yana ƙarami. Duk shekara in zai fasa durom ɗin ajiyarsa, kwanon farko na Malam ne, ba ya ɗiban ko ƙwaya sai ya aiko. Ana jibi suna ya fasa, ya aiko mana ɗanye."

"Amma Baba, ba ku ji abin da ya faru a gidan sunan ba?"

"Mun ji mana, a rediyo. An ce hannun mai girki ne. Na ce wa Malam, to mu ina ruwanmu, ni da hannuna zan dafa."

Ta faɗe shi ne ba da nufin komai ba, don ba ta ma haɗa muryar da fuskar ba. Hashimu ya yi mata addu'ar samun sauƙi ya fito baranda, ya jingina da ginshiƙi. Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki, da wani abu mai kama da murna wanda ya ji kunyar jinsa.

Malama Sakinatu ta yarda a naɗi muryarta. Ta faɗi adadin, ta ce ta sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da safen nan an zo an ɗebi waken daga gidajen biyu za a kai gwaji. Ta roƙi duk wanda aka ba shi daga wannan ajiya kada ya dafa.

"Wato maganin ƙwari ne," in ji Hashimu.

"Ban ce ba. Ina da zato, amma zato ba sakamako ba ne. Kai ma kada ka ce na ce."

Daga nan Hashimu ya wuce gidan sunan. Malam Sama'ilu yana zaure ya haɗa kai da gwiwa, angon ƙarni da ko murmushin barka babu. Bai yi gardama ba. Ya ce e, durom ɗaya ne. Ya ce da kaka ya barbaɗa garin magani kamar yadda yake yi kowace shekara, sai dai na bana a ƙulle a leda ya saya a kasuwa, ba rubutu a jiki. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah masani. Ya ba wasu gidaje biyu ma, ya riga ya tura a karɓo. Da ya zo kan Malam Kamilu sai muryarsa ta karye, Hashimu ya kashe naɗin.

A gindin darbejiya ya tsara rahoton a baki sau biyu, ya naɗa, ya tura. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Yauwa, yanzu ka yi aiki," in ji Hajiya Aina'u. "Amma me ya sa ka binne shi? Ka fara da ‘idan masu sauraro za su iya tunawa’, ka kwashe rabin lokacin kana ba ni labarin suna. Mai sauraro na jin haka zai ce ai na ji wannan, ya tashi ya tafi alwala. Mutum ukun su za su buɗe."

"To, Hajiya. Kuma ina so in ce an wanke mai girki."

"Wa ya wanke ta?"

"Ai ga shi a fili."

"A fili yake mutum uku sun kwanta ba su ci girkinta ba. Wannan za ka faɗa, ka faɗe shi da ƙarfi. Ka kuma faɗa cewa zargin da muka kawo jiya babu wata hujja da ta goyi bayansa, wannan bashinmu ne. Amma ‘an wanke’ sai sakamako ya fito. Haka maganin ƙwari, ka ce mai gidan ya ce ya sa, ma'aikatan lafiya ba su tabbatar shi ne sanadi ba. Kada ka sauke kayan daga kan tsohuwa ka ɗora wa mai jego da mijinta."

Ya sake naɗawa. Sau uku harshensa na zamewa zuwa "idan za a iya tunawa", sau uku yana gogewa. A na huɗu ya fita daidai:

"An kwantar da ƙarin mutum uku 'yan gida ɗaya a asibitin Unguwar Gawo da amai da jiri, kuma babu ɗayansu da ya ci abincin sunan da aka zarga tun farko. Uwar gidan ta shaida mana cewa ita ta dafa wake da kanta, wanda aka ba su ɗanye daga ajiyar da aka ɗebi na sunan..."

Daga nan muryar Malama Sakinatu, sai ta Malam Sama'ilu, sai layi ɗaya kan abin da ya faru shekaranjiya, sai gyaran zargin.

Ya yi sallar la'asar a gurguje ya wuce gidan Inna Kulu da rediyon wayarsa. Yana so ta ji da kunnenta. Suka zauna a soro, jikarta na leƙe daga tsakar gida. Aka yi labarin majalisa, aka yi na taki, sannan aka ce, daga Makoɗa ga rahoton wakilinmu. Inna Kulu ta saurara kanta a sunkuye. Da aka zo inda ya ce zargin mai girki ba shi da hujja, ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ba Malam Kamilu lafiya."

Hashimu ya ji nauyin da ke ƙirjinsa tun safe ya ɗan sauka. Sai ta ɗago.

"Yaushe za a sake faɗa?"

"Da daddare ma za a sa shi, in sha Allahu."

"Gobe fa? Yanzu rabin gari na gona, ba su ji ba. Masu bikin Juma'a ma sun tafi Kano sayen kaya. Na jiya kuwa kowa ya ji, har wanda bai ji ba an kai masa gida."

"Gobe sai in an samu wani sabon abu, Inna. Haka aikin yake. Ba a maimaita na yau."

"Sabon abu kamar me?"

"Kamar sakamakon gwajin."

"Yaushe zai fito?"

"Malama Sakinatu ta ce ita ma ba ta sani ba. Zai iya ɗaukar lokaci."

"In bai fito ba fa?"

Ya yi ta laluben amsa. Duk abin da Hajiya Aina'u ta koya masa yau yana nan a kansa, kuma ya yarda daidai ne, amma ya rasa wanda zai ɗauko ya ba tsohuwar nan. Ta gyara zama a kan tabarmar.

"Wato ni dai," ta ce a hankali, "ba za a ƙara faɗin cewa ba ni ba ce, sai in wani ya sake kwanciya?"

Hashimu ya sunkuyar da kai. A cikin wayar an riga an shiga labarin wasanni.